An soke 600 an rubuta 586: wanne za ka shigar?

Tirela ta sauke siminti a sito. A kan webil, wato takardar da ke rako kaya, kwamfutar kamfani ta buga buhu 600. Wani ya ja layi da biro a kan adadin, ya rubuta 586 a sama. Yanzu takarda tana gabanka, za ka shigar da ita Excel. A nan ne masu shigar da bayanai suka fi tafka kuskure, kuma akasari ba don sakaci ba, sai don gurbi ɗaya aka ba su alhali lamba biyu ce a takarda.

Wasu sun ɗauka abin da na'ura ta buga shi ne gaskiya, biro kuwa ƙarin hannu ne kawai. Wasu kuma sun ce biro ya zo daga baya, don haka shi ne daidai. Duka biyun zato ne. An buga 600 tun kafin mota ta tashi, kwamfuta ba ta san abin da ya faru a hanya ba. Biro kuma kowa na iya riƙe shi, har da mai son buhu 14 su ɓace. Abin da ke ba gyara ƙarfi shi ne layi ɗaya da ya bar tsohuwar lamba tana karantuwa, sa hannun mai gyaran, kwanan wata, da dalili ko da kalma biyu ne. Sannan ka tambayi kanka: wannan mai sa hannun, yana da ikon canza wannan adadin? Mai kula da sito yana da hurumin faɗin buhu nawa ya ƙirga. Ba shi da hurumin canza farashi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar kowane rubutun hannu a matsayin gyara. Sau da yawa lambobin biyu duk daidai ne, tambaya daban-daban suke amsawa. 600 shi ne abin da aka loda, 586 shi ne abin da ya iso lafiya. Idan ka goge 600 ka sa 586, ka shafe shaidar cewa an samu giɓi, kuma ba sauran abin da za a nemi diyya da shi wajen mai mota. Idan ka bar 600, littafinka zai nuna buhu 14 da ba su cikin sito, ranar ƙidaya a tuhumi wanda bai ci ba. Maganin shi ne a buɗe gurabe: wanda aka buga, wanda aka rubuta da hannu, wanda ake aiki da shi, wanda ya sa hannu, sai bayani. Lissafi ya riƙa ɗauka daga gurbi na uku kawai.

Sai karatun lambar kanta. Shida da sifili suna kama da juna a hannun mai sauri, haka ɗaya da bakwai. 586 ne ko 580? Kada ka yi canke, sa takardar ta ba da shaida. A ce buhu naira 9,500 ne. Jimillar da aka buga ita ce 5,700,000. Idan an gyara ta zuwa 5,567,000, to 586 ne, domin 580 zai ba da 5,510,000. Idan a gefe an rubuta cewa 14 sun fashe, ka samu shaida ta biyu. Idan kuwa an gyara adadi an bar jimilla yadda take, kada ka gyara ta da kanka a ɓoye. Shigar da ita yadda ka gan ta, ka sa alamar cewa ba su dace ba, ka tura wa akanta.

Ka yi hattara da fotokwafi da hoton waya. Siririn layin shuɗin biro yakan ɓace, sai ka ga lamba biyu ba ka san wadda aka soke ba. Alamar duba da mai bincike ya yi ma takan ratsa lamba ta zama kamar soki. Nemi takardar asali. In webil ɗin mai kwafi ne, gwada naka da na direba: gyaran da aka yi a gaban kowa lokacin sauke kaya ya kamata ya fito a duka, wanda ke kan kwafi ɗaya tak sai an tambaya.

Inda aka shafe lamba da farin ruwan goge rubutu, ko aka kankare, ko aka rubuta wata a kanta har ta farko ba ta ganuwa, kada ka zaɓa. Bar gurbi na uku a buɗe, rubuta lambar webil da abin da ka gani, ka nemi wanda ya fitar da takardar ya tabbatar a rubuce kafin adadin ya shiga lissafi.