Yadda Ake Kafa Hujja Kan Daidaiton Saƙon Talla a Cikin Jinga

Idan malami ya ba ku jinga a kan haɗakar hanyoyin talla, wato sa duk kafofin talla su isar da saƙo ɗaya, fannin da Don Schultz na Jami'ar Northwestern da abokan aikinsa suka yi wa fitaccen littafi a 1993, inda ɗalibai suka fi zubar da maki shi ne wurin nuna cewa saƙon kamfani bai saɓa wa juna ba. Sai ka ga an rubuta cewa launi ɗaya ne, tambari ɗaya ne, shi ke nan. Wannan kama ce ta fuska kawai, ba ta kai hujja ba.

Da farko, zaɓi kamfen ɗaya mai lokaci sananne. Ɗauki wanda Coca-Cola ta sa sunayen mutane a jikin kwalba, wanda ya fara a Ostareliya a 2011.

Sannan ka rubuta alkawarin kamfen ɗin a jimla ɗaya, da bakinka. A nan: nemo kwalba mai sunan wani naka, ka ba shi ku sha tare. Wannan jimlar ce mudun da za ka auna komai da shi. In ka kasa fitar da ita, kada ka ci gaba tukuna.

Mataki na uku ya fi cin lokaci. Ja jadawali, kowace kafa da layinta: talabijin, allon bakin titi, shafukan sada zumunta, da ita kanta kwalbar a firjin mai shago. Gaban kowace ka rubuta abin da ta ce, wa take yi wa magana, da abin da take so ya aikata. Daga nan ka nuna rabon aiki: talabijin ta kawo labarin, allo ya tuna wa mai wucewa, kwalba ta cika alkawari a hannun mai saye, hoton da ya ɗora a shafinsa ya kai zancen gaba. Kalmomi sun bambanta, alkawari bai motsa ba. Hujjarka ke nan, kuma ita ya kamata ta buɗe sakin layi, misalai su biyo baya.

Kada ka ɓoye inda aka sami tangarɗa. A ce kamfanin sabulu yana shelar araha a rediyo, shafinsa kuma cike da hotunan ƙawa irin na masu hannu da shuni. Uwargida ta ji na rediyo, ta ga na waya, ta rasa wanne ne nata. Faɗi wace kafa ce ta kauce, da abin da hakan ya jawo.

Daga ƙarshe, kawo sukar da kanka kafin mai duba takarda ya kawo ta: ashe ba kowace kafa da nata masu sauraron ba? Amsa cewa harshe da salo suna iya sauyawa, a yi tallan rediyo da Hausa a Kano, na allo da Turanci a Legas, muddin farashi, alkawari da halin kamfanin suna nan yadda suke.