Ƙarar fanka a bayan firiza: kafin a sayi sabon inji, a duba ƙanƙara

Wata Hajiya mai sayar da zoɓo da kunun aya ta kira ni a tsakiyar damina, firij ɗinta mai ƙofa biyu ya hana ta barci. Da na shiga na ji abin da take nufi: kar-kar-kar daga cikin firiza, irin ƙarar da keke ke yi idan yara sun maƙala kwali a jikin waya. Ta ce sau biyu ana canja mata injin fanka, kowane karo firij ɗin yakan yi shiru kamar kwana goma, sai ƙarar ta dawo. Wannan "kwana goma" shi ya nuna mini inda matsalar take tun kafin in taɓa sukundireba.

Maganar nan ta shafi firij ɗin da ba ya tara ƙanƙara a bango, wanda ake rubuta wa No Frost a jiki. A irinsa bututun sanyi yana ɓoye ne a bayan wani murfin roba a bangon baya na firiza, kuma saman bututun akwai ƙaramar fanka da ke jawo iska ta cikinsa ta watsa ta firiza, sauran ta gangara ɗakin ƙasa. Firiza ta kwance, irin ta masu sayar da ƙanƙara, ba ta da wannan fankar a ciki, don haka in tana ƙara a nemi dalili a wani wurin.

Kuskuren farko shi ne rashin tantance inda ƙarar take fitowa. Da yawa da sun ji gurnani sai su ce kwamfireso ne zai mutu, ko gas ya ƙare. Gwajin ba ya cin ko sisi. A buɗe ƙofar firiza lokacin da ƙarar ke tashi. A yawancin firij fankar ciki tana tsayawa da an buɗe ƙofa, to in ƙarar ta lafa ta mutu, sannan ta dawo da aka danna ɗan makunnin da ke bakin ƙofar da yatsa, fankar ce. A wasu kuma fankar ba ta tsayawa, sai dai ƙarar ta ƙaru da an buɗe, wannan ma ita ce. In buɗe ƙofa bai canja komai ba, a zaga baya a saurara ta ƙasa, wajen kwamfireso. Wasu firij suna da fanka ta biyu a can, kuma leda ko ƙura na iya shiga farfelarta, ko farantin ruwan da ke kan kwamfireso ya saki yana rawa. Haka nan a ɗora tafin hannu a danna murfin bayan firizar: in ƙarar ta sauya ko ta ɗauke, wataƙila murfin ne kawai ya saki.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne wanda aka yi wa Hajiya: an tabbatar fanka ce, sai a yanke cewa injinta ya lalace. Yawanci fanka tana ƙara ne ta hanya biyu. Ko farfelar tana dukan wani abu, wanda galibi ƙanƙara ce, ko kuma bushin da sandar injin ke juyawa a ciki ya cinye. Kunne na iya raba su. Dukan ƙanƙara sauti ne mai maimaituwa da sauri, yana farawa kaɗan-kaɗan yana ƙaruwa da kwanaki. Bushin da ya cinye kuwa kukan tsuntsu yake fara yi, ƙiii, yana zuwa yana ɗaukewa, daga baya ya koma gurnani mai girgiza murfin. Amma hujja mafi ƙarfi ita ce lokaci. In an kashe firij ya narke sarai, aka kunna ya yi shiru, sannan bayan mako ɗaya ko biyu ƙarar ta dawo, ƙanƙara ce. Injin da ya cinye ba ya ba da hutun kwana goma, da firizar ta yi sanyi zai ci gaba da kukansa. Masu gyaran da suka zo wa Hajiya sai sun narkar da ƙanƙarar kafin su iya cire tsohon injin, shirun da ya biyo baya na narkewar ne, ba na sabon inji ba.

To me ya sa ƙanƙarar take taruwa har ta kai farfela? Irin wannan firij yana narkar da kansa. Bayan kwamfireso ya yi aiki na wasu awanni, taima ko allon lantarki yakan tsayar da shi ya kunna wata hita da ke ƙarƙashin bututun sanyi na kamar minti ashirin zuwa talatin, ruwan ya bi wani rami ya gangara farantin baya. In wani abu a wannan tsari ya tsaya, ƙanƙara za ta yi ta hawa. Siffarta tana faɗin laifin wa. Farar ƙanƙara mai laushi da ta lulluɓe bututun gaba ɗaya kamar bango tana nuna narkarwar ce ba ta faruwa: hita, ko na'urar jin sanyi da ke manne da bututun, ko taima. Ƙanƙara mai tauri garai-garai kamar gilashi da ta taso daga ƙasa tana nuna ana narkarwa amma ramin ruwan ya toshe. In kuwa har kan ledojin nama da bakin ƙofa akwai farin ɓurɓushi, iska mai laima ce ke shiga. A sa takardar kuɗi a bakin ƙofa a rufe a ja, in ta zame ba tare da turjiya ba robar ƙofar ta saki a wurin.

A firij ɗin Hajiya farin bango na tarar, har da zagayen da farfelar ta sassaƙa a jikinsa. Bayan ya narke na cire wayoyin hitar na ɗora mita. Lissafin mai sauƙi ne: hita mai wat 200 a wutar bolt 220 ya kamata ta nuna kusan om 240, wato 220 sau 220 a raba da 200. Tata ba ta nuna komai ba, wayar ciki ta yanke. Ita kuwa na'urar jin sanyi, irin mai wayoyi biyu da ke haɗe a layin hitar, akwai tarkon da sababbin masu gyara ke faɗawa: a ɗumi ba ta ba wuta hanya, haka aka yi ta. Sai tana da sanyin firiza take haɗewa. Wanda ya auna ta bayan komai ya narke zai ce ta mutu alhali lafiyarta ƙalau. Na sa tata cikin firizar maƙwabta na ɗan lokaci, na auna, ta ba da hanya. Hita kaɗai muka saya. Na kuma roƙe ta ta daina zuba zoɓo da ɗuminsa a buɗaɗɗen bokiti cikin firij, domin duk tururin nan a jikin bututun yake daskarewa, balle da damina da iskar kanta jiƙe take.

Wajen narkarwar ma ana ɓarna, kuma ita ce ɓarnar da ba ta gyaruwa da arha. Kada a kai wuƙa ko sukundireba jikin ƙanƙarar. Bututun na alminiyom ne, siriri, huda ɗaya gas ya tafi. Firij da yawa na yanzu R600a ke cikinsu, za a ga an rubuta a jikin kwamfireso, kuma gas ne mai kama wuta, saboda haka kyandir ko garwashi ba su da wuri a nan. Kada kuma a fizge murfin da ƙarfi, domin farin soson da ke bayansa yakan manne da ƙanƙarar ya karye, ga wayar fanka da sau da yawa a jikin murfin take. A zare filogi daga bango, ba wai a dogara da cewa an ɗauke wuta ba, a kwashe kaya, a bar ƙofofi a buɗe kwana guda cur, a shimfiɗa tsumma. Mai sauri ya ajiye kwanon ruwan zafi a ciki yana sauyawa. Ramin ruwa kuma a wanke shi da ruwan ɗumi ta sirinji har a ji yana zuba a farantin baya. Narkarwar awa biyu ba ta isa ba: saman ya tafi, ƙasan yana nan, bayan kwana uku a koma gidan jiya.

Idan an buɗe babu ƙanƙara a kusa da farfela, sai a koma kan injin. A juya farfelar da yatsa, ya kamata ta tafi salin-alin ba tare da kartar komai ba. A kama tsakiyarta a girgiza gefe da gefe. Ɗan motsi ciki da waje ba laifi ba ne, amma in sandar tana lilo hagu da dama, bushin ya faɗaɗa. Baƙar ƙura ko alamar mai a gindin sandar shaida ce ta biyu. A duba robobin da injin ke zaune a kansu ma, domin in sun bushe sun tsage, lafiyayyen inji zai riƙa girgiza murfin kamar ganga, kuma su ba su da tsada. Farfelar da ta tsage ko ta zame baya a kan sanda ita ma tana kartar murfi.

A nan ne ake kawo man inji ko a fesa WD-40. Na fahimci dalilin, fankar silin ma haka ake mata. Amma firiza tana aiki ne wajen digiri 18 ƙasa da sifili, man inji yakan yi kauri a wannan sanyi ya riƙe sandar, shi kuwa na fesawa yana wanke ɗan man da ya rage a bushin ne ya bushe, ga wari a cikin abinci. Ɗigon siririn mai irin na keken ɗinki na iya sayen 'yan makonni kafin a samo sabo, amma ƙarfen da ya cinye ba ya dawowa. Kuma in injin da ya daɗe yana kuka ya yi shiru da kansa, kada a yi murna, a duba ɗakin ƙasa: in ya fara ɗumi alhali firiza tana da sauran sanyi, fankar ta tsaya ne ɗungurungum.

Wajen sayen sabo, a tafi kasuwa da tsohon a hannu, kada a ce "fankar firij" kawai. A karanta takardar jikinsa. Akwai mai cin wutar gida kai tsaye, 220V, akwai na DC kamar 12V da allon lantarki ke ba shi wuta, galibi mai wayoyi uku ko huɗu, ga kuma na 115V a firij ɗin gwanjo da suka fito daga Amurka. Haɗa ɗaya a gurbin wani na iya ƙona shi, wani lokacin har da allon. A kwatanta tsawon sanda da kaurinta da ɓangaren da take juyawa. Kafin a zare farfela a ɗauki hotonta da waya, a lura da fuskar da ke kallon waje da zurfin da ta shiga, domin in an kifa ta ko an tura ta fiye da kima iskar za ta ragu, ɗakin ƙasa ya ƙi sanyi ko da babu ƙara.

Bayan na mayar da murfin Hajiya na danna makunnin ƙofa, na kai 'yar takarda bakin ramukan iska na ga tana kaɗawa. Na ce mata, "Hajiya, shirun yau ba shaida ba ne, ki ƙirga mako uku." Injinan nan biyu da aka cire mata suna cikin leda a kan firij ɗin, na juya su da yatsa na girgiza, babu wanda ke lilo.