Yadda ake bin ƙorafin kuɗin da banki ya cire a POS in sun yi maka shiru

Shekara biyar ke nan ina sana'ar POS a Talata Mafara, kuma kusan duk ranar kasuwa sai an samu wanda zai saka kati, na'ura ta nuna `DECLINED`, can kuma sai alat ya shigo an cire mishi kuɗi. Kai ƙorafin farko kowa ya iya, ba zan tsaya kanshi ba, illa in ce bankin da ya ba ka kati shi ne za ka kai ma ƙara, ba mai POS ba. Inda mutane ke faɗuwa shi ne bayan an ce musu "je ka, za a mayar" sannan aka yi shiru. Wani kullum yana bakin banki har masu gadi su gane shi, wani kuma ya bar ma Allah ya dawo bayan wata uku risit ya riga ya goge.

Kafin komi, ka tabbata ƙorafin naka yana da lamba. In ka faɗa ma ma'aikaci da baki ya ce to, ba ka kai ƙorafi ba, fira kunka yi. Ka nemi lambar ƙorafi, ka rubuta ta tare da ranar da anka ba ka. Sannan ka ɗauki hoton risit a waya ranar nan, don takardar POS rana da zufan aljihu na cinye rubutunta cikin 'yan makonni, kuma lambar `RRN` da ke jiki ita ce za su bi su gano cinikin.

Bari in bi da ku ta kan wani baba mai saida gero da ya zo cire 85,000 ranar Talata, kuɗi sunka fita, ni kuma ba su shigo min ba. Laraba da safe ɗanshi ya raka shi banki anka ba su lamba.

Bayan an ba ka lamba, sau uku za ka yi ma banki tuni. Tuni na farko, kada ka yi shi washegari. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ce matsalar POS a warware ta cikin awa 72, to kafin kwana ukun nan su cika ba ka da abin cewa, duk wanda ka kira zai ce maka ana kan aiki kuma gaskiyarshi. Na baba kwana uku sun faɗa ranar Asabar, sai munka bari har Litinin. Wanga tunin gajere ne kuma cikin ladabi: ga lambar ƙorafina, ga ranar da na kai, awa 72 sun wuce, a wane mataki yake? Ba a sake ba da labari daga farko. Ni na fi son imel bisa kira, don kira yana cin kati kana sauraren kiɗa minti goma, kuma in ka aje waya ba ka da shaidar ka kira. In kiran ya zama dole, rubuta sunan wanda ya ɗauka da lokacin.

Nan ne wurin da ni kaina na taɓa yin asara, shi ya sa zan daɗe kanshi. Akwai lokacin da anka cire min kuɗi, na riƙa kiran bankin duk bayan kwana biyu, kowane kira sai in fara da "an cire min kuɗi ranar kaza", wani lokaci wanda ya ɗauka kuma sai ya buɗe min sabon ƙorafi ya turo sabuwar lamba, ni ina murna wai ana aiki. Da na je reshe bayan kusan wata guda sai na tarar lambobi huɗu gare ni, an rufe uku an ce maimaici ne, wadda ta rage kuma kwananta biyar kacal, wato a idonsu ban ma daɗe ina jira ba. Tun ranar nan dokata guda ce: lamba ɗaya, ta farko. In ka kira, kalmar farko da za ta fito bakinka ita ce lambar, kuma ka ce kada a buɗe sabo, a duba wanga. In imel ne, ka amsa a kan wanda sunka turo maka tun farko, kada ka rubuta sabo, don duk wanda ya buɗe ya ga tarihin tun daga ƙasa. Haka nan kada ka watsa ƙorafi ta WhatsApp da imel da kira da reshe duk rana guda, kowace ƙofa lambarta za ta ba ka.

Tuni na biyu, ranar da ƙorafi ya cika mako guda. A nan abu biyu za su canza, shaida da kuma wanda kake magana da shi. Maimaita "har yanzu ba a mayar ba" ba ya motsa kowa. Baba ya dawo wurina na fidda mishi bayanin cinikin ranar daga asusuna, ya nuna 85,000 ba ta shigo ba, ya haɗa da sitetimen ɗinshi daga ranar Talatar zuwa ranar, don sau da yawa za a ce maka an riga an mayar. Kai ma ka duba da kyau kafin ka tafi, kuɗi kan dawo ba alat, na ga wanda ya yi ta faɗa alhali kuɗinshi sun kwana huɗu a asusu. Wanga karon takarda ce a rubuce, kwafi biyu, sunan manajan reshe a sama, su karɓi ɗaya su buga maka hatimi da kwanan wata a ɗayar. In sun ce ba sai an buga ba, ka tsaya sai an buga. Kuma ka canza tambaya, kada ka ce yaushe za a mayar, amsarta "ba da daɗewa ba" ce. Ka ce: shin bankin mai na'ura ya amsa muku, ya yarda ko ya musa? In sun ce ya musa, wai an ba ka kuɗi, to magana ta koma kan risit da bayanin mai POS, kuma ga su hannunka.

Wanda ke ƙauye, kada ya ƙona kuɗin mota sau biyar kan dubu goma. Tafiya guda ta hatimin nan ita ce ta zama dole, sauran a yi da waya. Kuma kada ka je Litinin da safe ko ƙarshen wata lokacin albashi, layi zai cinye maka yini.

Na uku shi ne na ƙarshe, ranar kwana 14. Layi huɗu ya isa: lambar ƙorafi, ranakun da ka yi tuni biyun farko, adadin kuɗi, sannan ka sa rana, in ba a mayar ba zuwa ranar kaza zan kai ga Babban Banki. Ba zagi, ba "Allah ya isa", don takardar nan wani zai karanta ta a gaba kuma kana son ya ga kai ne mai haƙuri. Amma kada ka sa ranar da ba za ka cika ba. Baba bai kai ga Babban Banki ba, kwana biyu bayan wagga takarda kuɗinshi sunka dawo.

In naka bai dawo ba, mako biyu sun cika, ka tura ga sashen kare hakkin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki ta `cpd@cbn.gov.ng`, ko ka kai takarda reshensu na Gusau ko Birnin Kebbi. Ka haɗa lambar farko, takardar mai hatimi, risit da sitetimen, kada ka sa lambar sirrin katinka ko'ina. Daga nan ka daina bin reshe, tuni sau ɗaya duk mako biyu ya isa, a kan imel ɗin nan dai da ka fara turawa.