Yadda ake rubuta wa majiyyaci wasiƙar sakamakon ciwon sukari

1. Fara da gaisuwa irin wadda ta dace da shekarunsa, sannan ka faɗi sakamakon a sakin layi na farko: "Baba, gwajin jinin da muka yi maka ya nuna kana da ciwon sukari." Kada ka yi ta kewaye, domin jiran labari ya fi labarin tayar da hankali.

2. Bayyana ciwon da abin da jikinsa ya riga ya sani. Misali: "Abincin da muke ci yana komawa sukari a cikin jini, jiki ya yi aiki da shi. Naka jikin ba ya iya kwashe shi yadda ya kamata, sai ya taru. Shi ya sa kake yawan fitsari da ƙishirwa da kasala."

3. Lamba ɗaya ta isa, kuma ka faɗi ma'anarta: "Gwajinka na safe kafin ka ci komai ya nuna 9. Daga 7 zuwa sama ake cewa ciwon sukari ne."

4. Faɗi gaskiya a kan magani. Ciwon ba ya warkewa gaba ɗaya, amma ana shawo kansa. Rubuta sunan ƙwayar, nawa zai sha, da wane lokaci. Roƙe shi kada ya daina don ya ji sauƙi. A wajen abinci, ambaci abin da ke cikin kwanonsa: ya rage malmalar tuwo, ya ƙara ganye, ya bar lemon kwalba da shayi mai sukari.

5. Rubuta alamun da za su sa a kawo shi asibiti nan take: amai ba tsayawa, ruɗewa, ko rauni a ƙafa da ya ƙi warkewa.

6. Sa ranar dawowa. Kafin ka aika, karanta wa wanda ba ma'aikacin lafiya ba, ka gyara duk inda ya tambaye ka ma'ana.