Yadda Ake Karanta Rubutu A Rediyo Kamar Ana Magana Da Mutum Ɗaya

Sabon mai gabatarwa yakan zauna gaban makirufo da tunanin cewa dubban mutane ne ke sauraronsa, sai ya ɗaga murya kamar mai shela a kasuwa. Amma rediyo a kunnen mutum ɗaya take sauka: tela a shagonsa, ko uwargida tana tankaɗe.

Matakin farko shi ne ka zaɓi wannan mutumin tun kafin ka rubuta komai. Ka san shekarunsa da sana'arsa da abin da hannunsa ke yi a lokacin shirin, kuma ya kasance wanda kake girmamawa amma ba ka jin nauyinsa. Idan shirin noma ne, ka ɗauki manomi magidanci da ya dawo daga gona ya ajiye rediyo kusa da tabarma. Hausa tana raba "kai" da "ke", saboda haka idan ka ce "kai" kawai ka bar mata a waje. Mafita ita ce ka ce "mai sauraro", ko "ku" ta girmamawa, amma zuciyarka da muryarka su tsaya kan mutum guda.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne cin lokaci, shi ne gyara rubutun ya dace da baki. Ga sanarwa irin wadda ofisoshi ke aikowa: "An bayyana cewa, a wani taro da aka gudanar jiya wanda ya samu halartar masu ruwa da tsaki, za a fara rabon buhu 4,975 na takin zamani ga manoman da suka yi rajista ranar Litinin." Numfashi ɗaya ba zai kai ƙarshenta ba, abin da manomin ke jira yana can a wutsiya, kuma ba a san ko Litinin ranar rajista ce ko ranar rabo ba. Da za ka faɗa masa ido da ido, cewa za ka yi: "Ranar Litinin ce za a fara rabon taki. Kusan buhu dubu biyar ne. Wanda ya yi rajista shi za a ba." Ka lura cewa an dunƙule adadin an rubuta shi da kalmomi, domin harshe ba ya tuntuɓe a kan kalma yadda yake yi a kan lambobi. Sai dai farashi, da lokaci, da lambar waya ba a dunƙule su. A faɗe su daidai, a kuma maimaita.

A nan akwai abin da nake ganin ana yawan kuskurewa. Wasu suna ja layi ƙarƙashin kalma su danne ta da ƙarfin murya, alhali Hausa ba ta haka take nuna muhimmanci ba. Kalmar ake kawowa gaba a bi ta da "ne" ko "ce", kamar yadda aka yi da Litinin a sama. Danne kalma da ƙarfi yakan ɓata karin sautinta.

Mataki na uku shi ne ka karanta a bayyane sau biyu da fensir a hannu. Ka sa gajeren layi a tsaye inda za ka ɗan dakata, layi biyu inda za ka ja numfashi, kuma kada numfashi ya raba suna da abin da ke bayyana shi. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "fari ya lalata gero" zai iya fita da sautin farin launi idan ido ya riga hankali. Ka yi wa irin waɗannan kalmomi alama, haka ma sunayen garuruwan da ba ka saba da su ba, bayan ka tambayi wanda ya san su. Takarda ta kasance fuska ɗaya aka buga, da manyan haruffa, ba a maƙale ba, kada kuma jimla ta tsallaka zuwa wani shafi.

A ɗakin watsa shiri, ka bar kimanin taƙi ɗaya tsakanin bakinka da makirufo, ka ɗan karkata shi gefe domin iskar "f" da "t" kada ta buge shi. Ka riƙe takarda a gabanka maimakon ka sunkuya, domin sunkuyo yana matse maƙogwaro. Idonka ya ɗauki jimla, ka fahimce ta, sannan ka ɗago ka faɗa wa manomin nan da muryar hira.

Daga ƙarshe ka naɗi karatunka a waya, ka saurara ba tare da kallon takarda ba. Idan kowace jimla tana tashi tana sauka da waƙa iri ɗaya, kalmomi kake karantawa ba ma'ana ba, sai ka kife takardar ka faɗi labarin da ka, ka kwatanta naɗin biyu. Inda numfashi ya yanke maka, ka raba jimlar gida biyu, kuma inda ka yi tuntuɓe sau biyu a wuri ɗaya, ka canja kalmar.