Shafi ɗaya ga sabon ma'aikaci: yadda nake taƙaita dokokin aiki

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga wata shawara ga masu kula da ma'aikata. Littafin dokokin wurin aikinmu ya haura shafi 40, kuma na lura sabon ɗauka ba ya karanta shi sai ranar da aka miƙa masa takardar gargaɗi. Shi ya sa na tsamo dokokin hutu, zuwa aiki da ladabtarwa na mayar da su shafi ɗaya.

Dabarar ita ce kowace doka ta amsa tambaya uku: nawa ne, wa za a faɗa wa, kuma yaushe. A littafinmu sashen rashin lafiya ya ci shafi biyu. Ni kuwa na rubuta: “In ba ka da lafiya, kira shugaban sashenka kafin ƙarfe 9 na safe. In ya wuce kwana 2, kawo takardar likita. Duba sashe na 6.” Wannan lambar sashen kada a manta da ita, domin in gardama ta taso littafin za a buɗe.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ladabtarwa. Na taɓa rubuta “makara sau uku, gargaɗi”, alhali littafin ya ce sau uku cikin wata guda, kuma “ana iya” yin gargaɗi. Kalmomin da na yar sun sauya dokar, har wata baiwar Allah ta kwana cikin fargabar kora. Yanzu matakan nan, daga gargaɗin baki zuwa na rubuce, dakatarwa da sallama, kwafe su nake yi kalma da kalma, in haɗa da damar kare kai.

A ƙasan shafin sa kwanan wata, saboda in an gyara littafin a gane tsohuwar takarda.