Kuɗin aljihun tebur ba naka ba ne: kurakuran mai saro kaya da bashi

Mu ɗauki misalin wani mai shagon kayan masarufi a cikin unguwa a Kano. Azumi ya ƙarato, ya je wurin dilansa a kasuwar Singa ya karɓi kayan naira 600,000 bashi: sukari, man girki, madara, taliya. Sun yi da shi zai biya bayan wata guda. Idan ya sayar da komai, ya cire kuɗin mota da na 'yan dako, zai tashi da 650,000. Wato ribarsa 50,000 ce kacal.

Kaya sun tafi sosai. Amma ranar biya da ya ƙirga, 460,000 ya tarar. Ba wanda ya yi masa sata.

Kuskuren farko, wanda ke yawan kashe ƙananan shaguna, shi ne ɗaukar ciniki a matsayin riba. Mutum ya buɗe aljihun tebur da yamma ya ga kuɗi cike, sai zuciya ta ce masa ya samu. Alhali a kowace naira 13 da ke wurin, 12 na dila ne. Mutumin namu kullum yana zarar 3,000 na cefane, a wata sun zama 90,000. Makarantar yara ta aiko, ya ba da 60,000. 'Yan'uwa da maƙwabta sun karɓi kayan 40,000 a kan "sai albashi ya shigo". Jimilla 190,000 suka fita daga kasuwancin da ya samar da 50,000. Giɓin 140,000 ɗin nan uwar kuɗi ya ci, kuma uwar ba tasa ba ce.

Da ya je da abin da ke hannunsa, dilan bai yi faɗa ba. Ya tambaye shi: "Malam, kayan suna shago ne ko sun fita?" Ya ce sun fita, Alhaji. Tambayar tana da ma'ana. In kaya na nan, kasuwa ce ta ƙi, ana iya yin haƙuri. In babu kaya babu kuɗi, to gida ne ya cinye.

Gyaran yana farawa da yanka wa kai albashi. Ka duba ribar da shago ke kawowa da gaske, ka yanke abin da za ka riƙa ɗauka ƙasa da ita, a rana ɗaya cikin mako. Wannan da ciwo, don wani lokaci lissafin zai nuna maka shagon bai kai ya riƙe gida shi kaɗai ba. Gara ka san haka da wuri ka nemi wata hanyar shiga ko ka rage hidima.

Kuskure na biyu shi ne asusu ɗaya. Kuɗin da masu saye ke turowa da wanda ɗan'uwa ya aiko na biki duk wuri guda suke faɗawa. A buɗe wa shago asusunsa, a haɗa na'urar POS da shi, a bar na kai daban. In uwargida ta aiko a kawo gwangwanin madara, a biya daga albashi ko a rubuta shi kamar na kowane mai saye.

Sai babban cikinsu: rufe bashin gida da bashin kasuwa. Bayan an samu giɓi, da yawa sukan je wurin wani dilan su karɓi sabbin kaya, su karyar da su, su biya na farko. Bashin bai ragu ba, hannu kawai ya sauya, ga asarar karyarwa a kai. Bashin kaya yana biyan kansa ne don kayan za su koma kuɗi. Bashin magani ko na kuɗin makaranta ba ya haifar da komai, daga albashi ko kwasar adashe ya kamata a biya shi. Ban ce kada a taɓa kuɗin shago ba in rashin lafiya ta taso da dare. A ɗauka, amma a rubuta cewa maigida ya ranci kaza daga shago, da ranar mayarwa. Aya ta 282 cikin Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi mai wa'adi, kuma littafi mai ɓangare biyu, na shago da na gida, ya isa wannan aiki.

Yadda za ka gane ko ka fara zamewa: kowace Juma'a ka ƙirga kayan da suka rage a farashin sari, ka haɗa da kuɗin hannu da na asusu, da bashin da ka tabbata za a biya ka. Ka cire abin da ake bin ka. In sakamakon yana raguwa mako bayan mako alhali ciniki na tafiya, a gida ɓarakar take.

Shi mai shagon ya roƙi a raba masa 140,000 ɗin zuwa 20,000 duk wata, wata bakwai. Dilan ya yarda, da sharaɗin sabon kayan da zai ba shi ba zai wuce na 300,000 ba har sai ya gama biya.